Abincin mai ciwon sukari: yadda ake auna shinkafa da doya da taliya

 

Darasinmu na yau a kan abincin mai ciwon sukari ne. Da wuya a samu unguwar da babu mai wannan ciwo. Wani mahaifinsa ne, wata mijinta ne, wani kuwa shi kansa ne. Da zarar likita ya ce mutum yana da sukari, sai shawara ta yi masa yawa. Wannan ya ce ya bar shinkafa har abada. Wancan ya ce ya bar doya. Wata ta ce alkama kaɗai zai ci. Sai mutum ya ruɗe. Ko dai ya zauna da yunwa har ya rame, ko kuma ya gaji ya koma cin komi kamar da.

To, ga maganar da muke so ku riƙe. Mai ciwon sukari yana iya cin shinkafa. Yana iya cin doya da taliya da tuwo. Abin da zai kula da shi shi ne yawan abin da yake ci a zama ɗaya, da kuma abin da yake haɗa shi da shi. Yau za mu koyi awon.

Wane irin ciwo ne?

Ciwon sukari ba iri ɗaya ba ne. Akwai iri na ɗaya, wanda ya fi kama yara da samari. Masu shi dole su yi allura kullum. Akwai kuma iri na biyu, wanda ya fi kama manya. Cikin masu ciwon sukari goma, wajen tara iri na biyu gare su. A kansa muke magana yau.

In mun ci tuwo ko shinkafa, ciki yana narkar da shi ya mai da shi sukari. Sukarin nan ya shiga jini. Daga jini sai ya wuce cikin naman jiki, ya ba mu ƙarfin aiki. Amma ba ya wucewa shi kaɗai. Akwai wani abu da jiki yake yi, sunansa insulin. Shi ne yake shigar da sukari daga jini zuwa naman jiki.

Ku ɗauki misalin ranar kasuwa. Mota ta kawo buhuna, ƴan dako suna kwashewa suna kaiwa cikin shaguna. Insulin shi ne ɗan dako. A jikin mai ciwon sukari iri na biyu, ƴan dakon sun yi kaɗan, ƙofofin shagunan kuma sun yi tauri. In mota ɗaya ta zo, za su iya kwashe kayan sannu a hankali. In motoci uku suka zo lokaci guda, sai kaya su taru a hanya. Haka sukari yake taruwa cikin jini in mutum ya cika tasa ya cinye a zama ɗaya.

Sukarin da ya daɗe yana taruwa yana ɓarna a ɓoye. Yana lalata ido. Yana lalata ƙoda. Yana kashe jin ƙafa, har mutum ya taka ƙaya bai sani ba, miki ya ƙi warkewa. Yana jawo ciwon zuciya da shanyewar jiki. Wannan ɓarna ba ta rana ɗaya ba ce, ta shekaru ce. Don haka gyaran ma na kullum ne.

Abinci kashi uku ne

Don mu gane awo, bari mu raba abincinmu kashi uku.

Kashi na farko shi ne abinci mai gari. Cikinsa akwai hatsi, da dawa, da masara, da alkama, da shinkafa, da doya, da rogo, da dankali, da burodi, da taliya, da makaroni. Duk waɗannan suna komawa sukari a ciki, ko da ba su da zaƙi a baki. Ku gwada wani abu. Ku tauna ɗan burodi ku daɗe ba ku haɗiye ba. Za ku ji ya fara ɗan zaƙi. Garin ne ya fara komawa sukari tun a baki.

Kashi na biyu shi ne abinci mai gina jiki: nama, kifi, ƙwai, awara, cuku, gujiya, ƙuli-ƙuli, har da fara. Waɗannan ba sa tada sukari sosai, kuma suna riƙe ciki. Wake ma yana gina jiki, amma yana da nasa garin. Sai dai garin wake yana shiga jini a hankali.

Kashi na uku shi ne ganye da kayan lambu: zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kuka, kuɓewa, yalo, kabeji, salati, tumatir, albasa. Waɗannan garinsu kaɗan ne ƙwarai. Suna cika ciki, kuma suna sa sauran abinci ya shiga jini sannu sannu.

Kashi na farko ne yake bukatar awo. Ba a barin sa gaba ɗaya, don shi ne ƙarfin aiki. Amma ba a sakar masa linzami.

Awo yana hannunku

Ba kowa ne yake da sikeli a gida ba. Amma kowa yana da hannu. Ku dunƙule hannunku ɗaya ku dube shi. Girman wannan dunƙulen shi ne awon dafaffen abinci mai gari a ci ɗaya. Ku lura, dafaffe muka ce, ba ɗanye ba. Kuma hannun mai ciwon za a duba, ba hannun mai girki ba. Babban mutum hannunsa babba ne, ƙarami hannunsa ƙarami ne.

Yanzu bari mu yi lissafi. Ƙwayar sukari guda, irin wadda muke jefawa a shayi, nauyinta wajen gram 5 ne. Dunƙule ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana ba jiki sukari wajen gram 45. Ku raba 45 gida 5. Kun samu 9. Ke nan dunƙulen shinkafa ɗaya daidai yake da ƙwayar sukari wajen 9.

To, mutum nawa ne yake tsayawa a dunƙule ɗaya? Tasar da ake zuba wa magidanci takan ɗauki dunƙule uku. Uku sau 9, 27 ke nan. Da an ajiye wa mai ciwon ƙwayar sukari 27 a gabansa an ce ya cinye, da sai ya ce ana so a kashe shi. Amma ga shi yana cin kwatankwacinsu a tasar shinkafa, yana kuma cewa ai shi ya bar shan zaƙi.  Amma sukarin shinkafar duk zai shiga jini.

Wannan lissafi kimantawa ne, don hannu ya bambanta, girki ma ya bambanta. Amma ya isa ya nuna mana hanya.

Ga yadda za a tsara faranti. Ku ɗauki faranti madaidaici, wanda faɗinsa bai wuce taƙi ɗaya da kaɗan ba. Ku raba shi biyu da ido. Rabi ɗaya ganye da kayan lambu ne. Ɗaya rabin ku sake raba shi biyu. Gefe ɗaya na abinci mai gari ne, dunƙule ɗaya. Ɗaya gefen na nama ne ko kifi ko ƙwai ko awara ko wake, kamar faɗin tafin hannu ban da yatsu. A gefe kuma ga ruwan sha.

Yawancinmu akasin haka muke yi. Tuwo ya cika tasa, miya kuwa ɗan shafe. Mai ciwon sukari sai ya juya abin: miya da ganye da yawa, tuwo kaɗan.

Shinkafa

Farar shinkafa an cire mata dusa, don haka tana saurin narkewa, sukarinta yana saurin hawa. In an dafa ta ta yi laushi ƙwarai har ta caɓe, saurin ya ƙaru. Gara a dafa ta warwara.

Babbar dabara ita ce a haɗa ta da wake. Shinkafa da wake abincinmu ne tun da daɗewa. Amma a yawancin gidaje shinkafa ce da yawa, wake ɗai-ɗai kamar an yayyafa. Ga mai ciwon sukari a ƙara waken, a rage shinkafar, su zo kamar rabi da rabi. A sa yankakken kabeji ko salati da tumatir da albasa. A rage man da ake zubawa a kai. Cokali ɗaya ya isa.

Wasu suna cewa in an wanke shinkafa sau da yawa, ko an tsiyaye ruwan dahuwarta, to an fitar da sukarin. Ba haka ba ne. Abin da yake fita kaɗan ne. Garin yana nan cikin ƙwayar. Shinkafar da ba a cashe ta sosai ba ta ɗan fi fara, amma ita ma awonta dunƙule ɗaya ne.

Doya

Doya ba ta da zaƙi sosai, shi ya sa wasu suke zaton ba ta da laifi. Amma garinta ya yi kusa da na shinkafa. Dafaffiyar doya mai girman dunƙulen hannu, wato yanka biyu madaidaita, ita ce awo.

Yadda aka sarrafa ta yana da muhimmanci. Doyar da aka dafa da ruwa aka ci da miyar ganye ko da ƙwai ita ce ta fi. In aka kirɓa ta aka yi sakwara, ta yi santsi, tana wucewa ba tauna, mutum ya ci da yawa bai ankara ba. Mai son sakwara ya tsaya a malmala ɗaya ƙarama, daidai dunƙulensa. Soyayyar doya kuwa tana shan mai. Mai ba ya tada sukari nan take, amma yana ƙara ƙiba, ƙiba kuwa tana ƙara wa ciwon ƙarfi. A bar ta sai jefi-jefi.

Abin da muka faɗa kan doya, haka yake ga rogo da dankali. Garin rogo da ake jiƙawa da sukari a sha, wannan a nisance shi.

Taliya da makaroni

Da garin alkama ake yin su. Suna da wani hali mai kyau: in ba a dafa su sun yi laushi ƙwarai ba, sukarinsu yana shiga jini a hankali, bai kai saurin na burodi ko na farar shinkafa ba. Don haka a sauke su da ɗan sauran ƙarfinsu, kada a bari su narke a tukunya.

Amma awo bai canja ba. Dunƙule ɗaya na dafaffiya. Ƙullin taliya na gram 500, in an auna shi haka, yana kai wa ci bakwai ko takwas. Wanda yake raba ƙulli ɗaya da abokinsa su biyu su cinye, ya ci rabon mutum huɗu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa masu gari biyu ko uku a tasa ɗaya. Mun saba da shinkafa da taliya a haɗe. Mun saba da makaroni a cusa cikin burodi. Mun saba da shinkafa a ɗora mata doya. Kowanne a cikinsu mai gari ne. In za a haɗa, to dukansu tare su zama dunƙule ɗaya, ba kowanne da nasa dunƙulen ba.

Tuwo da fura da kunu

Hatsi da dawa su ne abincinmu na yau da kullum. In ba a surfe su sosai ba, aka bar musu dusarsu, sun fi farin gari amfani. Amma su ma suna komawa sukari. Malmalar tuwo ɗaya daidai dunƙule, da miyar kuka ko kuɓewa ko ganye mai yawa.

Abin sha mai gari yana da nasa haɗari. Kunu da koko da fura suna wucewa da sauri, kuma ba a ganin yawansu. Mutum ya sha ƙwarya guda ya ce bai ci komi ba. In za a sha fura, a ɗauki dunƙulen fura ƙarami, a dama da nono mai yawa, ban da sukari. A lissafa ta a matsayin cin abinci guda. Kada a ci tuwo a ƙoshi sannan a bi da fura.

Zaƙin da ake sha

Nan ne ya kamata a fi tsanantawa. Kwalbar lemun kanti ƙarama tana ɗauke da sukari wajen ƙwaya 7. Zoɓo da ruwan citta da ake sayarwa, su ma sukari ake zuba musu da yawa. Shayin da muke dafawa a buta, na ɗaya da na biyu da na uku, kowa ya san yawan sukarin da yake ci. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ne. Sukarin da yake cikin ruwa ba ya jiran narkewa. Kai tsaye yake shiga jini.

Zuma ma sukari ce. Dabino ma sukari ne. Kada a ce don daga itace suka fito ba sa tada ciwon. Ɗan itace kamar lemun zaƙi ko gwaba ana iya ci, guda ɗaya madaidaici a lokaci ɗaya. A ci shi da ɓargonsa, kada a matse a sha ruwan. Lokacin mangwaro a yi hattara: ƙarami ɗaya ko rabin babba ya isa.

Misali: kwana ɗaya na wani tela

Bari mu ƙaddara wani tela mai shekara 50, mai ɗan tumbi, wanda yake yini zaune a kan keke. Likita ya ce yana da sukari iri na biyu. Ku ɗauki alli mu lissafa abincinsa da ƙwayar sukari.

Da safe yana cin burodi yanka biyu, kowane yanka tsawon tafin hannu. Kowane yanka wajen ƙwaya 6 ne, biyu 12 ke nan. Yana jefa ƙwaya 4 a shayi. Safe ya tashi 16.

Da rana yana cin shinkafa dunƙule uku, 27. Ya bi da kwalbar lemu, 7. Rana ta tashi 34.

Da la'asar yana shan shayi ƙaramin kofi uku tare da abokai. Mu ce kowane kofi ƙwaya 2. Ya tashi 6.

Da dare yana cin taliya dunƙule biyu da doya dunƙule ɗaya. Ya tashi 27.

Ku haɗa: 16 da 34 da 6 da 27. Kun samu 83. Cikin 83 ɗin nan, 17 kaɗai ne zaƙin da harshe yake ji. Sauran 66 daga burodi da shinkafa da taliya da doya suka fito. Kun ga ke nan barin zaƙi shi kaɗai bai isa ba.

Yanzu mu gyara masa, ba tare da mun hana shi abin da ya saba ci ba.

Da safe: burodi yanka ɗaya, 6. Dafaffen ƙwai ɗaya ko biyu, da tumatir da albasa. Shayi ba sukari. Kofin nono marar sukari, wajen 2. Ya tashi 8.

Da rana: shinkafa dunƙule ɗaya, 9. Wake ƙaramin ludayi, wajen 4. Kwaɗon zogale rabin faranti. Ruwan sanyi maimakon lemu. Ya tashi 13.

Da la'asar: lemun zaƙi ɗaya, wajen 3, da ɗan cikin hannu na gujiya. In zai zauna majalisa, a zuba masa nasa shayin kafin a sa sukari.

Da dare: dafaffiyar doya dunƙule ɗaya, 9, da miyar alayyafo da kifi. Taliya sai gobe.

Ku haɗa: 8 da 13 da 3 da 9. Kun samu 33. Daga 83 ya sauko zuwa wajen 33, kuma ya ci sau huɗu. Kuɗin lemun kwalba da na sukari da ya rage, su ne za su sayo masa ƙwai da ganye.

A makon farko zai ji kamar bai ƙoshi ba, don ciki ya saba da cika. Ya fara da ganyen da miyar, sannan ya zo kan shinkafar. Ya ci a hankali. Bayan cin abinci ya tashi ya taka ƙafa minti 10 ko 15, don naman jiki mai aiki yana jan sukari daga jini. In ya dage, tumbi zai fara sauka. Mai kilo 90 in ya rage kilo 5, sau da yawa ana ganin amfanin a awon jininsa.

Ku lura da abu ɗaya. Telan nan a zaune yake yini. Manomi a tsakiyar damina, ko mai dako, ko mai jan ruwa a garka, suna ƙona ƙarfi da yawa. Awonsu yana iya wuce dunƙule ɗaya. Mai ciwon da ya rame, da mace mai juna biyu, da mai ciwon ƙoda, su kuma likita ne zai tsara musu nasu abincin.

In ana ci a tasa ɗaya

Al'adarmu ce a haɗu a ci a tasa ɗaya. Amma a tasar taro mutum ba ya sanin abin da ya ci. Mai ciwon sukari a zuba masa nasa a farantinsa, ya zauna tare da jama'a ya ci. Wannan ba wariya ba ce, magani ne. Uwargida, wannan aiki a hannunki yake. Ki nemi ƙaramin kwano ɗaya wanda yake ɗaukar daidai dunƙulen hannun mai ciwon. Ki ajiye shi don awo. Ba sai kin ɗora tukunya biyu ba. Abin da gida yake ci shi zai ci, awo ne kawai ya bambanta. Ki kuma rage gishiri da dunƙulen miya na kanti, don ciwon sukari yakan zo tare da hawan jini.

Wurin biki ko suna, a ci kaɗan a yi godiya. Mai ciwon ya faɗi gaskiya, ya ce likita ya yi masa awo. Ba abin kunya ba ne.

Yaya za a san awon ya yi daidai?

Jiki yana ba da alama in sukari ya hau sosai: ƙishirwa mai yawa, yawan fitsari har da dare, kasala, gani dishi-dishi. Amma sau da yawa sukari yana sama ba wata alama. Awon jini ne kaɗai yake faɗin gaskiya.

Akwai ɗan ƙaramin na'urar da ake ɗiga wa jinin yatsa, ta nuna lamba. Ga yawancin manya masu ciwon, da safe kafin a ci komi ana so lambar ta kasance tsakanin 80 da 130. Awa biyu bayan fara cin abinci ana so ta kasance ƙasa da 180. A takardar asibiti wani lokaci za ku ga an rubuta 1,30 g/l ko 1,80 g/l. Abu ɗaya ne da 130 da 180. Likita yana iya ba wani, kamar tsoho, wata lamba daban.

Mai na'ura yana iya gwada abincinsa da kansa. Yau ya ci shinkafa dunƙule ɗaya, ya auna bayan awa biyu, ya rubuta. Gobe ya ci doya, ya auna, ya rubuta. Jibi taliya. Cikin mako biyu zai ga wanda ya fi tada masa sukari, don jiki ya bambanta. Ga amfanin rubutun da kuka koya. Ku sami ɗan littafi, ku ja layi uku: rana, abin da aka ci, lambar awo. Ku tafi da shi wurin likita.

In sukari ya faɗi ƙasa

Wannan sashe ku karanta shi sau biyu. Wasu magunguna suna sauke sukari ko an ci abinci ko ba a ci ba. Allurar insulin tana cikinsu, da ƙwayar da ake kira gilibenkilamid. Ƙwayar metformin ita kaɗai ba ta cika yin haka ba. Mai shan irin na farko, in ya rage abinci da yawa lokaci guda, ko ya tsallake cin rana, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 70. Don haka kafin a rage abinci kamar yadda telan nan ya yi, a gaya wa likita, don ya duba ko zai rage magani.

Alamun faɗuwar sukari su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa mai tsanani, bugun zuciya, jiri, da ruɗewar magana. In haka ta faru, nan take a ba shi ƙwayar sukari 3 ya tsotsa, ko a jiƙa su a ruwa ya sha. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba, a sake ba shi 3. In ya dawo, ya ci abinci. In kuwa ya suma, kada a ɗura masa komi a baki, don zai shaƙe. A kwantar da shi a gefensa, a kai shi asibiti da gaggawa. Mai irin wannan magani kada ya fita ba ƙwayar sukari a aljihunsa.

Saboda haka ne ake so a ci abinci sau uku a kan lokaci. Yini da yunwa sannan a cika ciki da dare, wannan ya haɗa haɗari biyu: faɗuwa da rana, hawa da dare. Mai niyyar azumi ya je wurin likita tun kafin wata ya kama, a tsara masa lokacin magani, a kuma gaya masa ko jikinsa zai iya.

Wata magana kuma. Za ku ji ana cewa abu mai ɗaci yana wanke sukari, ko wani jiƙo yana warkar da ciwon. Ganye a miya abinci ne mai kyau. Amma kada kowa ya bar maganin likita don jiƙo. Awon abinci ma bai maye gurbin magani ba. Tare suke aiki.

Aikin aji

Ku tattauna waɗannan da malaminku:

1. Ku rubuta abin da kuka ci jiya. Ku ja layi a ƙarƙashin duk abinci mai gari.
2. In dunƙulen shinkafa ɗaya ƙwaya 9 ne, dunƙule biyu da kwalbar lemu ɗaya ƙwaya nawa ne?
3. Wane ganye ake samu da araha a garinku da rani? Wane ake shanyawa a ajiye?
4. Me za ku yi in maƙwabcinku mai ciwon sukari ya fara rawar jiki da zufa?

In kun koma gida, ku auna dunƙulen hannunku da kwanon da kuke ci a ciki, ku ga dunƙule nawa yake ɗauka. Ku karanta wa wanda bai iya karatu ba wannan darasi, musamman mai girkin gidan.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara mana lafiya baki ɗaya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.